Wasiƙar da Ba Ta Ambaci Fata Ba

A shekarar da damina ta ƙi mu, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, ina aikin buga wasiƙu a shagon kawuna a Tawa. Aurena ya mutu, ina da yara biyu, abin da na tsira da shi daga lakkol, wato makarantar boko, kuwa shi ne Faransanci da yatsu masu saurin buga na'ura. Kawu fataucin fata yake yi. Yana sayen fatun awaki da ƙiragan shanu daga mutanen Tebaram da Affala da Bambai, ya shanya, ya barbaɗa magani, ya ɗaure. A gefe kuma yana sayar da kwanoni da tasoshi na wani kamfani a Kano.

Abokan hulɗarsa na nesa biyu ne. Akwai tsohon da ke riƙe da kamfanin kwanonin, mutumin Hong Kong, wanda mu dai Shinuwa muke ce masa. Akwai kuma wani ɗan Biyetnam da ke zaune a Yamai, mai manyan motoci biyu, wanda ke kwasar fata ya kai bakin teku. A wurin kawu duk ɗaya ne, idonsu iri ɗaya, kuma ya ji an ce sallarsu ta sabuwar shekara rana ɗaya take faɗuwa, wajen ƙarshen sanyi.

Shekara guda kafin wannan, kawu ya ce in rubuta musu barka da salla. Ya faɗa da Hausa, na juya da Faransanci. Ya yi musu addu'a irin wadda muke yi wa juna: Allah ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi idan muna da rai, idan kuma mun riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙanmu. Ni kuma don in nuna na san duniya, na ɗora a sama cewa barka da sabuwar shekarar Shinuwa, na kwafo wasu kalmomi daga kalandar da kamfanin Kano ke aiko mana, *Kung hei fat choi*. Ganin magana ɗaya ce, sai na sa karbon a tsakanin takardu biyu na buga sau ɗaya. Ta sama ta tafi Kano, ta ƙasa mai dishi-dishi ta tafi Yamai. Na tuna har daɗi na ji don na rage wa kaina aiki.

Daga nan motar Yamai ba ta sake zuwa ba. Kawu bai damu ba, tunda yana iya tura fata Sakkwato. Da aka rufe iyaka sai magana ta canja. Dabbobi na faɗuwa, makiyaya na yanka su tun kafin su mutu, suna kawo fatun a kan jakuna, da yawansu ba abin da ya rage musu na sayarwa sai wannan. Kawu ba ya iya cewa a'a ga mutumin da ya san ubansa. Magaza, ɗakin ajiyar fatunmu, ta cika har rufi, maganin barbaɗawa ya ƙare, ƙwaro ya fara shiga ɗaurin ƙasa. Idan zafi ya shigo fatun suna nan, sun zama shara, shagon ya rufe, ni kuma in koma gida in zauna da yarana.

Wasiƙa uku na buga zuwa Yamai, ba amsa. Sai wani direba ya gaya wa kawu a tasha cewa ya ji mai motocin na cewa mutanen Tawa su nemi motar Shinuwa, tunda su suka sani. Kawu ya dawo ya faɗa mini yana mamaki. Ni ban yi mamaki ba, don na san abin da na buga.

A bayan tsohuwar kasuwa akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna ta Andoshin. Wani sojan Faransa ɗan Ader ne ya auro ta daga can Biyetnam, wadda a da ake ce wa Andoshin, ya kawo ta, ya rasu ya bar ta. Ƴaƴanta mata sun yi aure, namijin yana soja a arewa, ba wanda ya ɗauki harshenta a cikinsu. Tana salla, tana azumi tare da mu, tana noma salat da na'ana'a a gwangwanaye da ruwan wanke-wanke. Gajeruwa ce, bakinta kuwa ya fi ta tsawo. Na ɗauki kwafin wasiƙar bara na tafi wurinta da hantsi.

Ta sa na karanta mata, tana tsinke ganye. Da na kai ƙarshe ta ajiye tiren.

"Ɗiyata, wa yat taɓa ki har kika rama haka?"

Na ce ba wanda ya taɓa ni, gaisuwa ce.

"Gaisuwa. Kin ce ma mutum sallatai ta wasu ce. Kin gaishe shi da harshen waɗanda sunka yi yaƙi da ƙasatai shekarun baya kaɗan. Kin aika mishi da ta ƙasan karbon, shi gane shi na biyu. Sannan kin rufe da mutuwa. Mu a ranakun nan ko kwano ba mu son shi fashe, ko shara ba mu yi, balle a ambaci kabari. In matatai tag ga takardag ga, wuta ta sa mata."

Na ce addu'ar ta kawu ce, ba tawa ba. Ta ce to ku biyu kun haɗu kun yi aiki mai kyau.

Sallar tasu, wadda ta ce sunanta Tết, saura mako uku. Ta ce idan akwai ƙofar da za a iya shiga, ita ce wannan, don a sabuwar shekara mutum ba ya son ya ɗauki fushin bara ya ƙetare da shi. Amma sai kawu ya zo da kansa, tana da tambayoyi.

A daren ban faɗa wa kawu ba, sai da safe bayan ya sha kunu. Na gaya masa zancen karbon da zancen Shinuwa. Ya dube ni ya ce, "Ke da anka kai lakkol." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya fi mini zagi ciwo. Da na ce masa addu'arsa ma tana cikin laifin, sai ya ce wannan kuma ba zai yarda ba, wane irin mutum ne zai ji haushin a roƙa masa rahama. Amma ya sa hularsa ya biyo ni.

Ban taɓa ganin kawu a tsugune gaban mace ba sai ranar. Kujera ɗaya ce a gidan, kuma Inna ce zaune a kanta.

Ta fara da ta Kano, ta ce ita ce mai sauƙi. Tana yarinya ta yi aiki a kantin wani Shinuwa a unguwarsu ta Saigon, ta ji gaisuwarsu har ta haddace. *Kung hei fat choi*, in ji ta, taya murna ne da fatan arziki, kuma ga ɗan kasuwar Hong Kong ba abin da ya fi shi daɗin ji, shi ya sa tsohon bai yi fushi ba, ya ɗauki sauran a matsayin rashin sani. Tunda abokin ciniki ne, a ƙara masa *sang yi hing lung*, kasuwa ta bunƙasa. Tunda kuma ya girmi kawu, a sa *san tai gin hong*, lafiyar jiki, don tsoho ya fi son a tuna da gwiwarsa. Kawu ya ce haka ne, ya shafa tasa.

Kawu ya ji daɗin *fat choi* ɗin nan, ya ce zai gwada ta a kan Shinuwan da gwamnatinsu ta aiko aikin rijiyoyi, waɗanda kan zo shagon sayen kwanoni.

"Kak ka soma, Alhaji," in ji Inna. "Waɗancan harshensu daban, na Pekin ne, babban birninsu. Kuma ma'aikata na, albashi suka ci. Ka ce ma ma'aikacin gwamnati shi yi kuɗi bana, gaban shugabanai, mi kake nuhi? Ka ce musu *shin niyen hau*, barka da sabuwar shekara, ka tsaya nan."

Rubutun Shinuwa ba ta iya ba, amma ta san kamannin waɗannan gaisuwa, don kowace shekara a jar takarda ake liƙa su a ƙofar kantin da ta yi aiki. Na kawo mata tsofaffin kalandun kamfanin, ta bi su da yatsa har ta nuna mini zane huɗu na bunƙasar kasuwa da huɗu na lafiya. Na ɗora karbon na bi su a hankali. Ta hana ni farin ambulan tsura, ta ce fari na makoki ne, na nemo jar takarda na naɗe. Ta kuma hana ni rubuta sunan mutum da jan biro. Wannan wasiƙa wani mai kai-da-kawo ta Ƙonni ya tafi da ita a cikin hularsa.

Ta Yamai ce ta ci mana kwanaki.

Kawu ya ce a fara da "ranka ya daɗe", a juya da harshensu. Inna ta ce akwai irinta, *sống lâu trăm tuổi*, ka rayu shekara ɗari, amma jika ke faɗa wa kaka. Ta tambayi shekarun mutumin. Kawu ya ce bai wuce arba'in da ƴan kai ba.

"To ka mai da shi tsoho tun bai shirya ba."

Ta lissafo wasu. Akwai ta yara, ka ci da yawa ka girma da sauri. Akwai *tiền vô như nước*, kuɗi su shigo kamar ruwa. Kawu ya ce wannan ita ce, a sa ta. Inna ta ce wannan ta abokan wasa ce, waɗanda ke cin tuwo a kwano ɗaya, ba ta wanda ke fushi da kai ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma wane ruwa, Alhaji? Irin namu na bana?" Kawu ya yi dariya har da tari, rabona da in ji dariyarsa tun kafin kaka.

Wadda ta dace da abokin kasuwa da ake girmamawa, in ji ta, ita ce *an khang thịnh vượng*, zaman lafiya da ƙoshin jiki da wadata, a bi ta da *vạn sự như ý*, kome ya zo yadda ake so. Kuma a haɗa da iyalinsa, kada a gai da shi shi kaɗai. Duk wannan kawu ya yarda. Inda aka tsaya shi ne kalmar farko.

Ta ce a harshensu ba a yin fatan alheri haka kawai, sai ka nuna inda kake tsaye. Idan ka ce *thân chúc*, ka miƙa wa mutum hannu ne, ku tsara ne ko kun saba, sai ka kira shi *anh*, kamar ka ce ɗan'uwa. Idan ka ce *kính chúc*, ka rusuna ne, sai ka kira shi *ông*, kamar ka ce maigida. A shekaru kawu ne babba, da ba abin da ya faru da ta farkon ta isa. Amma an ɓata wa mutum rai.

"In rusuna ma yaron da na girma da shekara ashirin?" in ji kawu. "Ni da na je Makka sau biyu?"

"Ba kai ka rusunawa ba, takarda ta."

"Takardar sunana ka bisanta."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa muka fito. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, na ce a raina girman kai zai ci mu da rai. Yanzu da na kai shekarunsa na gane ba girman kai kaɗai ba ne. Mutum ne da kome ke zube masa a shekara ɗaya, girman nan shi ne abin da ya rage masa bai taɓu ba.

Kwana biyu bai tada zancen ba. A rana ta uku wani Buzu daga arewacin Tebaram ya zo da ƙiraga huɗu a kan raƙumi, raƙumin ma da ƙyar yake tsaye. Ya ce su ne na ƙarshe a garkensa. Kawu ya shiga magaza neman inda zai sa su, ya ɗaga wani ɗauri na ƙasa, fatar ta rabu biyu a hannunsa. Ya sayi ƙiragan duk da haka. Da Buzun ya tafi, ya leƙo inda nake ya ce, "Tashi ki tai ki ce mata a rusuna."

Saura rigima ɗaya. Kawu yana so a ƙara layi biyu a ƙasa: a ba da haƙuri kan ta bara, a kuma ce fata ta taru, a turo mota. Inna ta ce ko kalma ɗaya. Ba a tono ɓacin ran bara a gaisuwar sabuwar shekara, ba a ambaton fari ko asara, ba a roƙo. Wanda ya ga *kính* daga hannun dattijo ya san haƙuri ake ba shi. Wanda ke da motoci kuma ya san abin da ke cikin magazar mai fata a shekara irin wannan.

Ni kaina a nan na tsorata. Wasiƙa ɗaya ta rage mana kafin zafi, ga shi za ta tafi ba ta ce kome game da abin da ya dame mu ba. Na ce, "Inna, in bai gane ba fa?" Ta ce idan bai gane ba, to ko an rubuta ma ba zai zo ba.

Na ɗauko na'urar a ka na kai gidanta. Layi ɗaya ne: *Kính chúc ông và gia đình năm mới an khang thịnh vượng, vạn sự như ý.* Harshensu da haruffan boko ake rubuta shi, sai dai kowane wasali da ƴar alamarsa, wata a sama, wata a ƙasa, wata kamar ƙugiya a gefe, kuma na'urar Faransa ba ta da rabinsu. Da na zo kan kalmar "sabuwa", *mới*, na ga ba ni da wasalin mai ƙugiya, sai na buga wanda nake da shi mai ƴar hula, na ɗora masa karan da biro. Na ce ai kusan ɗaya ne. Inna ta kai takardar kusa da idonta, ta fara dariya har ta riƙe ciki.

"Kin san mi kika rubuta? *Mối*. Gara. Kin yi mishi barka da shekarar gara."

Na ce to ai gaskiya na faɗa, ta zo ta ga magazarmu. Muka sake sabuwa. Wannan karon na buga haruffan tsirara, ita ta bi su da alƙalami tana sa alamomin ɗaya bayan ɗaya, tana furta kowace kalma a hankali kamar mai ɗanɗana miya. Ta ce rabonta da rubuta harshen tun kafin a haifi ƴarta ta biyu. Kawu ya sa hannu, na kai gidan waya da kaina.

Sai jira. Ranar sallar tasu ta zo ta wuce. Daga Kano amsa ta iso ta hannun mai hular nan, kati ja mai ruwan zinariya da sabuwar kalanda mai hoton sa, wai shekarar sa ce aka shiga. Kawu ya dubi hoton, wani sa ne mai ƙiba, ya ce ko a mafarki bai ga irinsa ba bana. Daga Yamai kuwa shiru. Na daina cin abincin kirki. Kowace ƙarar mota na ji sai na leƙa, har kawu ya ce in zauna kada in ƙarar da ƙofar.

A rana ta tara bayan sallar, wajen azahar, babbar mota ta tsaya a ƙofar magaza. Ɗaya ce, ba biyu ba. Daga gefen direba wani siririn mutum ya sauko, da farar riga mai gajeren hannu. Mai motocin ne da kansa, shekara shida muna hulɗa da shi, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya kama hannun kawu da hannu biyu, ya sunkuya fiye da yadda kawu ya sunkuya, ya ce da Faransanci bai kamata babba ya rubuta masa haka ba, ya ji kunya. Na fassara. Kawu ya ce in ce masa ba kome, kamar ba shi ne ya yi kwana biyu yana fushi ba. Ba wanda ya ambaci bara. Ya shiga magaza, ya duba, ya ware abin da ƙwaro ya ci, wanda ya kai kashi ɗaya cikin uku, ya ce a loda sauran, mota ta biyu za ta zo bayan mako.

Ana cikin lodi ya ciro wasiƙar daga aljihu ya tambaye ni wa ya sa alamomin. Ya ce wannan hannun tsofaffi ne, irin na makarantar da. Na gaya masa. Ya ce in kai shi.

Muka same ta tana ba gwangwanayenta ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar yaro gaban malami, ya rusuna, ya yi magana mai tsawo. Na tsinci kalma biyu ko uku da na sani. Inna ta tsaya da butar a hannu, ruwan na zuba a ƙafarta. Ta buɗe baki, abin da ya fito Hausa ce: "Sannu da zuwa." Sai da ta sake gwadawa sannan nata harshen ya zo, a kakkarye, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ta shiga ɗaki ta fito da wata ƴar jar takarda a naɗe, ta ba shi da hannu biyu. Ya karɓa, babban mutum mai motoci, idonsa ya yi ja. Daga baya ta gaya mini al'adarsu ce, idan ƙarami ya zo ya gai da babba da sabuwar shekara, babban ya ba shi ɗan abu a jar takarda don sa'a. Ta ce kowace shekara tana naɗe guda ta ajiye, idan kwanakin sun wuce ba wanda ya zo gaishe ta, ta warware.

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun zuwanta Tawa.

A hanyar komawa shago wani abu ya faɗo mini a rai. Mako uku ina zarya gidan matar nan, na koyi wadda ake faɗa wa ɗan kasuwa, da ta ma'aikaci, da ta yaro, da ta kaka. Ranar sallar tasu da safe na bi ta ƙofarta zan tafi aiki, tana zaune a waje da sabon kallabi, kalmomin duk suna bakina. Na ce mata ina kwana, ta ce lafiya lau, na wuce ina sauri in ga ko mota ta zo.